Wa Ke Biyan Mai Ba Ka Shawara Kan Kuɗinka?

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da yamma. Da yawanku kun kusa ajiye aiki, wasu ma giratuti ya riga ya shigo. Ku sani, ranar da kuɗin nan suka sauka a asusu, ranar masu ba da shawara za su fara sallama. Wani daga banki, wani daga kamfanin inshora, wani kuwa ɗan unguwa ne da kuke sahu ɗaya a masallaci. Abin da nake so mu tsaya a kai yau shi ne yadda mutum zai gane daga ina mai ba shi shawara yake samun nasa abincin, domin a nan ne shawarar take karkata.

Kowa a nan ya san dillalin gida. Idan la'adarsa tana fitowa daga aljihun mai sayarwa, ba ka tsammanin ya nuna maka inda rufi yake yoyo. Ba lallai mugu ba ne, amma ka san ɓangaren da yake. To a harkar zuba jari ma haka ne, sai dai la'adar a ɓoye take cikin takardu.

Hanyoyin biyan su uku ne. Akwai wanda kai za ka biya shi kuɗin zama, ya duba halinka, ya rubuta maka tsari, shi ke nan. Akwai wanda ke cirar wani kaso na dukiyarka da yake juyawa duk shekara. Sai na ukun, wanda ya fi yawa a wurinmu: ba ya karɓar ko sisi a hannunka, kamfanin da ya sayar maka da hajarsa ne yake ba shi kamasho. Shi ne mai cewa "ai shawarata kyauta ce, Alhaji." Ba kyauta ba ce, daga cikin kuɗinka za a cira a ba shi.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce wata malama ta yi ritaya da naira miliyan 5. A gaban mai ba ta shawara akwai haja biyu. Ta farko kamashonta kashi 1 cikin ɗari, wato naira dubu 50. Ta biyu kashi 5, wato dubu 250. Ko da mutumin kirki ne, zuciyarsa za ta riƙa samo masa dalilan da suka sa ta biyun ta fi dacewa da malama. Kuma sau da yawa haja mai kamasho mai tsoka ita ce mai ɗaure kuɗi na shekaru, irin wasu tsare-tsaren tanadi da aka haɗa da inshora, wanda in ka fita a shekarun farko ba za ka karɓi ko abin da ka zuba ba. Malama kuwa tana da 'ya da za ta aurar baɗi.

Yanzu ku dubi kason shekara, wanda mutane suka fi rainawa. Mu ɗauka jarin yana kawo kashi 15 duk shekara, misali ne kawai, ba alkawari ba. Idan ana cire kashi 1.5 na kulawa, bayan shekara 10 miliyan 5 ɗin malama ta zama kusan miliyan 17.7. Idan kashi 3 ake cirewa, za ta tashi da kusan miliyan 15.5. Bambancin ya haura miliyan 2, kuma babu ranar da za ta ga an zare mata su, domin ana cirewa ne kafin a nuna mata ribarta. Wannan yana damuna ƙwarai, don guminta ne na shekara talatin da biyar. Haka nan dillalin hannun jari yana samun nasa ne a kowane saye da kowace sayarwa. In kuka ga yana ta kira duk mako, "mu sayar da wannan, mu sayi wancan," alhali jarin bai motsa gaba ba, to shi ake yi wa aiki.

Kafin ma a kai ga maganar biya, a duba rajista. A Najeriya, mai ba da shawarar zuba jari da mai juya kuɗin jama'a da dillalin hannun jari duk hukumar SEC ce take yi musu rajista, kuma sunayensu suna shafinta, sec.gov.ng. Ka duba da kanka, ko ka sa ɗanka ya duba, ka tabbatar sunan ya yi daidai harafi da harafi, sannan ka ga aikin da aka yi masa rajistar yi. Inshora ta NAICOM ce, fansho na PenCom, banki na CBN. Takardar CAC da suke rataye wa a bango tana nuna cewa kamfanin yana da suna ne kawai, ba izinin karɓar jarin mutane ba ce. Mun ga yadda tsare-tsaren damfara masu alkawarin riba mai yawa suka rushe da kuɗin jama'a, MMM a ƙarshen 2016, CBEX a watan Afrilun 2025. Yawancin waɗanda suka shiga, ɗan'uwa ne ko aboki ya kai su, shi kuma ana ba shi lada kan kowane mutum da ya kawo. Kamasho ne shi ma. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan harka, amma ɗaure mutum ba ya dawo da giratuti.

In kun zauna da shi, kada kunya ta hana ku tambaya. Ku ce: in na sa miliyan 5 a wannan, naira nawa za ta shiga aljihunka da na kamfaninka a shekarar farko? A naira, ba a kaso ba. Ku ce: hajar kamfaninku kaɗai kake sayarwa, ko ta kowa? Ma'aikacin banki sau da yawa yana da adadin da aka ɗora masa ya kawo a wata, wannan ba laifi ba ne, amma ya faɗa. Sannan ku ce: in na bukaci kuɗina bayan wata shida, nawa zan karɓa, kuma cikin kwana nawa? Duk amsar da ya bayar, ya rubuta ya sa hannu. Wanda ya ɓata rai ya ce ba a yarda da shi ba, ku yi masa godiya ku tashi.

Tambayar da ta fi kare mutum ita ce: a hannun wa kuɗin za su zauna? Kada ku taɓa tura kuɗi asusun mai shawarar na kansa. Idan hannun jari ne, a buɗe muku asusu da sunanku a CSCS, wato kamfanin da ke ajiye hannayen jarin masu saye, a ba ku lambarku ta shaida da ake kira CHN, ku riƙa ganin abin da kuka mallaka ba sai ta bakinsa ba. Idan asusun haɗaka ne, wato wanda ake tara kuɗin mutane da yawa manaja ya juya, akwai bankin da ke riƙe kadarorin da kuma amintattu masu sa ido, dabam da manajan. Ku nemi sunayensu.

Hajiya a baya ta aiko da tambaya, wai in mutum ya ce mata jarinsa na halal ne, ya wadatar? Hajiya, bai wadatar ba. Asusun da ke bin Shari'a yana da kwamitin malamai masu duba shi, ki nemi sunayensu da rahotonsu na shekara. Ki kuma tambaye shi me ya sa hajarsa ta fi sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari mai bin Shari'a, wanda ofishin kula da basussuka na DMO ya fara fitarwa a 2017, ya gwada miki su biyun a takarda bayan an cire duk caji. Rajistar SEC da maganar kamasho kuwa suna nan a kansa kamar kowa.