Ƙarfi ya tsaya cak: abinci ne, furotin ne, ko rashin hutu?

Wannan lacca ce da wani mai horar da 'yan ɗaga ƙarfe ya gabatar wa matasa a wani ɗakin motsa jiki bayan sallar La'asar, aka naɗa sannan aka rubuta.

Assalamu alaikum. Na baya ku ɗan matso, don fankar nan tana cinye murya.

Tambayar da aka fi tare ni da ita a wurin nan ita ce, "Koci, ƙarfina ya tsaya, wane garin furotin zan saya?" Mutum ya riga ya yanke wa kansa hukunci tun kafin ya bincika. To yau bincike za mu koya. Abubuwa uku ake zargi idan ƙarfi ya tsaya: yawan abincin da ake ci gaba ɗaya, wato kalori, sai furotin, sai hutu. Kowannensu yana barin sawu irin nasa, kuma kayan bin sawun ba su wuce sikeli da littafi da biro ba.

Amma da farko, ya tsaya ɗin da gaske? A watannin farko sabon shiga yana ƙara nauyin ƙarfe kusan kowane zuwa, saboda jijiyoyinsa ne ke koyon yadda za su tashi tsoka, ba wai tsokar ce ta girma haka da sauri ba. Wannan garaɓasar tana ƙarewa. Daga nan ci gaba ya koma na mako mako, daga baya na wata wata. Wanda ya shekara biyu yana ɗagawa ya zo yana kuka don kwana goma bai ƙara ba, wannan lafiyarsa ƙalau. Ni abin da nake kira tsayawa shi ne mako huɗu zuwa shida, nauyin ƙarfe bai ƙaru ba, yawan ɗagawa a saiti, wato a jere kafin ka huta, bai ƙaru ba, kuma a rubuce. Idan ba ka rubutawa, ko ƙarfen naka na siminti ne da aka zuba a gwangwani ba wanda ya taɓa auna shi, to ba mu da abin da za mu kama.

Sai abu na biyu da ke rage mana aiki. Idan ɗagawa ɗaya ce ta tsaya, a ce benci, amma sikwat yana tafiya, to ku bar abinci ya huta. Cikin da ke ciyar da cinya shi ke ciyar da ƙirji. Matsalar tana cikin salon ɗagawar ko tsarinta. Sau da yawa ma faifan ƙarfe ne: ƙaramin da muke da shi nan kilo 2.5 ne, ka sa ɗaya a kowane gefe ka ƙara kilo 5. Wanda ke tura kilo 40 sama da kai, wannan ƙari ya fi kashi 12 cikin ɗari a tashi ɗaya. Ina zai iya? Sai ya ƙara yawan ɗagawa tukuna, daga biyar zuwa takwas, kafin ya taɓa faifai.

To idan komai ya tsaya tare, nan ne maganar yau take. Bari in ba ku labarin wani yaro da na horar, ba zan kama suna ba, yana da shago a kasuwa. Nauyinsa wajen kilo 70, yana benci da kilo 80 sau biyar, ya yi mako shida a nan, sikwat ma haka. Ya zo mini da kuɗin roba ɗaya ta garin furotin a aljihu. Na ce masa mayar da kuɗinka, ka ba ni mako uku.

Aikin farko da na ba shi, ya hau sikeli kullum da safe, bayan ya zaga, kafin ya sa komai a baki, ya rubuta. Awon rana ɗaya ba ya faɗin komai, domin ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji suna iya motsa nauyi da kilo ɗaya ko fiye tsakanin jiya da yau. Sai a tara na kwana bakwai a raba bakwai. Makon farko ya ba mu 70.6, na biyu 70.1, na uku 69.7. Kun ga kenan yana zubar da kusan rabin kilo duk mako, shi kuma yana rantsuwa yana ci kamar gara. Na yarda da rantsuwarsa, amma na fi yarda da sikeli. Lokacin bazara ne, zafi ya kashe masa sha'awar abinci, ya koma shan ruwan sanyi da rana, ga zirga-zirgar kasuwa da sauke kaya. Jikin da ke raguwa da wuya ya ƙara ƙarfi, sai dai sabon shiga ko mai ƙiba da yawa, waɗanda suke da ajiya.

Cikin waɗannan makonnin muka yi lissafin furotin ɗinsa. Shi furotin ba a gane ƙarancinsa da jin jiki, lissafi ake yi. Abin da bincike ya nuna ga mai ɗaga ƙarfe shi ne kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, kuma wuce 2.2 ba ya ƙara wani abin a zo a gani. Kilo 70 sau 1.6, giram 112 kenan. Muka zauna muka bi abincinsa na kwana uku. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Dafaffen wake giram 100 yana ba da kamar 8. Dafaffen nama ko kaza ko kifi giram 100 yana kai 25 zuwa 30. Kofin kindirmo kamar 8. Mutane suna mantawa burodi da tuwo da shinkafa ma suna da nasu, kaɗan kaɗan amma yana taruwa. Yaron nan ƙosai da safe, shinkafa da wake da yankan nama da rana, awara da yamma, tuwo da dare, sannan ya ƙare a teburin mai shayi da burodi da ƙwai biyu. Da muka haɗa, yana tsakanin 95 da 100. Giɓin da ya rage ƙwai biyu ko 'yar ƙuli-ƙuli ta cike shi. Da ya sayi robar nan, da ya toshe ƙaramin rami, babban ramin yana buɗe.

Ban ce garin furotin haramun ba ne, abinci ne kamar madara. Wanda lissafinsa ya tsaya a giram 50, wato mai koko da garin rogo da taliya zalla, shi kam furotin ne matsalarsa, ko da nauyinsa yana hawa. Alamarsa kuwa ita ce ciki yana fitowa, ƙarfi yana nan inda yake. Kuma wanda likita ya taɓa ce masa yana da ciwon ƙoda, kada ya ɗauki lissafin nan sai ya koma wurin likitansa.

Abin da muka yi wa yaron shi ne ƙarin kalori kamar 400 a rana, ba mu taɓa tsarin atisayensa ba ko kaɗan. Soyayyar gyaɗa giram 50, cikin tafin hannu biyu, tana kusa da kalori 300, sai kofin fura da nono da rana, tunda abin sha ya fi shiga lokacin zafi. Burinmu nauyi ya riƙa hawa da kamar kwatan kilo a mako. Mako uku da farawa sikeli ya dawo 70.5, ya ɗaga kilo 80 sau bakwai, a mako na biyar ya sa 85 ya ɗaga sau huɗu. Ku lura, abu ɗaya muka canza. Da mun ƙara abinci, mun sayi gari, mun sauya tsari duk a mako guda, da ko an samu nasara ba mu san wa za mu gode wa ba, kuma badi da bazara sai a sake faɗawa rami ɗaya.

Saura hutu, kuma a nan kaina zan kawo ƙara. Akwai shekarar da nake zuwa kwana shida a mako, kowane saiti sai na kai inda ƙarfen ya ƙi tashi. Nauyina yana hawa, nama ba na wasa da shi, amma ƙarfi baya yake yi. Wannan shi ne bambancin: mai ƙarancin abinci yawanci yana tsayawa ne ko ya gaji a saitin ƙarshe, mai ƙarancin hutu tun a ɗumama jiki yake jin kilo 60 kamar 90. Gwiwar hannu tana ciwo, ka kwanta a gajiye barci ya ƙi zuwa, ka wayi gari ba ka son ganin ƙofar wurin nan. Idan kana ƙirga bugun zuciyarka da asuba kafin ka tashi, sai ka ga ya haura yadda ka saba da biyar ko fiye, kwanaki a jere.

Gwajinsa shi ne mafi arha. Mako ɗaya ka rage yawan saiti da rabi, ka rage nauyi kaɗan, kada ka kai ko kusa da gazawa, ka nemi barcin awa bakwai zuwa tara. Idan ka dawo a mako na biyu ka ji ƙarfen ya yi sauƙi, to ƙarfin dama yana nan, gajiya ce ta danne shi. Haka ta faru da ni, kwana takwas na ɗaga abin da ya gagare ni wata biyu. Idan ka dawo babu canji, ka wanke hutu daga zargi.

Mu faɗa wa juna gaskiya kan barcin nan. Wanda ya bar majalisa ƙarfe ɗaya na dare ya tashi asuba, awa huɗu da 'yan mintuna ya samu. Ga shayi mai kauri ko goro bayan Isha'i, alhali sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya fita daga jini. Ƙailula tana taimakawa, amma ba ta biyan bashin duka. Wanda kuma aikinsa na ƙarfi ne, birkila ko ɗan dako, ya sani jiki ba ya raba buhun siminti da ƙarfen benci, lissafi ɗaya yake musu. Kwana uku a mako ya ishe shi.

Gargaɗi ɗaya. Idan ka ƙara abinci mako uku nauyi yana ci gaba da zuba, ko akwai zazzaɓin dare, ko ƙishi da yawan fitsari, ko jiri da haki daga ɗan hawa bene, wannan ya fi ƙarfin koci. Asibiti za ka je a duba jini. Wanda kuma ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, ya ba jikinsa makonni kafin ya fara tuhumar tsarinsa.

Na ga hannu a can.

Wani matashi ya ce, "Koci, to da azumi fa? Nawa ƙarfin duk shekara sai ya sauka."

Ƙanena, da azumi ukun nan duk suna taɓuwa lokaci guda, ga ƙishirwa a kai, don haka ba watan bincike ba ne. Ka riƙe nauyin da kake ɗagawa, ka rage saiti zuwa biyu, ka zo bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, ka raba furotin ɗinka tsakanin shan ruwa da abincin dare da sahur. Awon sikeli kuma ka bari sai kamar kwana goma bayan Sallah, lokacin da ruwan jiki ya daidaita, sannan ka buɗe sabon shafi a littafinka ka fara ƙirga makonnin.