Minti goma ya zama awa biyu: me matashi yake nema a gajerun bidiyo?

Hadiza: Jama'a assalamu alaikum, barkanku da sake kasancewa tare da mu. Tun makon jiya saƙonninku suke ta shigowa a kan abu guda. Wani ya ce ƙaninsa ba ya ajiye TikTok sai bacci ya sace shi, wata kuma ta ce ɗalibanta suna shigowa aji da jan ido. Malam Kabiru, kai ka ce akwai ra'in da zai warware mana wannan.

Kabiru: Wa'alaikumussalam. Ban ce zai warware duka ba, Malama Hadiza, rabi zai warware, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi ban sha'awa. Ra'in amfani da gamsuwa ke nan. A 1959 masanin sadarwa Elihu Katz ya ce a daina tsayawa kan tambayar me kafafen watsa labarai suke yi wa mutane, a koma tambayar me mutane suke yi da su. Wato mai kallo ba buhu ba ne da ake ɗura wa kaya. Yana da buƙata, yana da zaɓi, ya ɗauki abin da yake ganin zai biya masa.

Nasiru: To ai nan ne mutane za su yi maka gardama, Malam. Yaron da ya yi awa uku yana tura bidiyo sama da babban yatsa, wane zaɓi ya yi?

Kabiru: Riƙe wannan tambayar, za mu zo kanta. Mu fara da lokacin da ya buɗe manhajar, don a nan ra'in yake da ƙarfi. A 1972 McQuail da Blumler da Brown sun karkasa abin da mutane suke nema gida huɗu: gudun damuwa da neman nishaɗi, hulɗa da mutane, sanin kai, da sa ido kan abin da duniya take ciki. Ɗauki ɗalibi ɗan shekara 19. Ya gama karatu da ƙarfe goma da rabi na dare, kansa ya yi nauyi, ya ce bari ya huta minti goma. Wannan gida na farko ne. Yana cikin kallo ya ga wani bidiyon barkwanci, ya tura wa abokansa uku, suka mayar masa da dariya. Ya shiga gida na biyu, kuma ka lura ba bidiyon ne ya gamsar da shi ba, amsar abokan ce.

Hadiza: Shi ya sa wanda ya goge manhajar yake dawowa bayan kwana huɗu. Ana hira a cikin abokai a kan wani bidiyo, shi kaɗai bai san zancen ba.

Kabiru: Ƙwarai. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. A 1945 masu rarraba jaridu a New York sun yi yajin aiki na fiye da mako biyu, sai Bernard Berelson ya bi mutane yana tambayarsu me suka rasa. Da yawa suka ce manyan labarai, amma da aka ce su faɗi wane labari suke son sanin inda ya kwana, sai aka samu masu kasa faɗa. Abin da suka rasa shi ne sabon da suka yi da jaridar, da abin da za su yi hira a kai.

Nasiru: Wato tun kafin a haifi kakan waya ana cewa "labarai nake dubawa".

Hadiza: Ita da "minti biyar kawai" uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Nasiru: A'a, "minti biyar kawai" ita ce babba. Sai ƙanwarta "bari wannan ya ƙare". Sai autarsu "ai na riga na makara, bari in ƙarasa".

Hadiza: Ka manta da ɗan uwansu, "caji ya kusa ƙarewa, idan ta mutu sai in kwanta".

Nasiru: Wanda yake faɗa yana laluben caja da ɗaya hannun!

Hadiza: Kuma cajar tana kusa da matashin kai, igiyar mai tsawon mita biyu.

Nasiru: Ai duk wanda ya sayi doguwar igiya ya riga ya yanke shawara.

Kabiru: Ku bar dangin minti biyar haka nan, amma wallahi abin da kuke faɗa shi ne ainihin maganar. Philip Palmgreen da abokan aikinsa, wajejen 1980, sun raba abu biyu da ake haɗawa: gamsuwar da mutum ya je nema, da gamsuwar da ya samu. Mu koma kan ɗalibinmu. Ya shiga goma da rabi yana neman hutu, ya fita sha biyu da rabi. Awa biyu daƙiƙa 7,200 ne. Mu ƙaddara yana ɗaukar daƙiƙa 20 a kan kowane bidiyo, wani ya kalla har ƙarshe, wani ya wuce nan take. Bidiyo 360 ke nan. Washegari ka ce ya lissafo maka goma daga ciki. Da ƙyar zai kawo biyar. Ka tambaye shi, ka huta? Zai ce ya fi gajiya. Abin da ya nema hutu ne, abin da ya samu dariya ce jefi-jefi da idanu masu zafi.

Hadiza: Amma Malam, bisa lissafin ra'in, idan ka nemi abu ba ka samu ba, ai sai ka bar wurin ka nemi wani.

Kabiru: Haka ya kamata, kuma a talabijin haka ake yi, shiri ya gundure ka sai ka canja tasha ko ka tashi. A nan kuwa kuɗin rashin gamsuwa ya yi arha ƙwarai. Bidiyo bai yi maka ba, asarar daƙiƙa biyu ce, ka tura shi sama. Ba a taɓa samun lokacin da takaicin zai taru ya kai ka ga ajiye wayar ba. Sannan a cikin kowane goma ko sha biyar sai ɗaya ya zo da ya dace da kai sosai, kuma ba ka san na nawa ne ba. Masanin halayya B. F. Skinner ya nuna tun tuni cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi sa a nace. Ga shi kuma babu ƙarshe. Jarida tana da shafin baya, shirin rediyo yana da sallama, shafin For You na TikTok ba shi da inda zai ce maka an gama.

Nasiru: Ka dawo kan tambayata ke nan.

Kabiru: Na dawo. Alan Rubin a 1984 ya bambanta kallo iri biyu. Akwai kallon manufa, akwai kallon sabo. Wadda ta shiga ta rubuta yadda ake warware wani lissafi a wurin bincike, ta kalli bidiyo uku, ta fita, manufa ce. Wanda hannunsa ya buɗe manhajar kafin kansa ya san dalili, sabo ne, ba wani bidiyo yake nema ba, manhajar kanta yake nema ta cinye masa lokaci. Abin da gajerun bidiyo suke yi shi ne su karɓe ka da manufa su sallame ka da sabo, a zama ɗaya. Minti goma na farko nasa ne. Sauran minti ɗari da goma, algoridim, wato tsarin lissafin da manhajar take jera bidiyo da shi, shi ne yake zaɓa, yana karanta inda ya dakata, abin da ya maimaita, abin da ya wuce da sauri. Shi ya sa Sundar da Limperos a 2013 suka ce fasahar da kanta tana iya haifar da sabbin buƙatu, ba lallai mutum ya zo da su daga gida ba.

Hadiza: To ta yaya uwa ko malami zai gane wane iri yaronsa yake yi, ba tare da ya ƙwace wayar ba?

Kabiru: Takarda ɗaya ta isa, kwana bakwai, kuma yaron ne zai cike da kansa. Duk lokacin da zai buɗe, ya rubuta ƙarfe nawa, me yake nema a kalma ɗaya ko biyu, da minti nawa ya yi niyya. Idan ya rufe, ya rubuta minti nawa ya yi, sannan ya ba kansa maki daga 1 zuwa 5 kan ko ya samu abin da ya je nema. Mintunan kada a dogara da ƙwaƙwalwa, a duba Screen Time a iPhone ko Digital Wellbeing a Android, don ƙiyasin mutum kan lokacin da ya ɓata yakan kauce wa gaskiya. Bayan mako sai a duba layukan da aka yi niyyar goma aka yi sittin, kuma makin 2 ne ko 1. Sau da yawa za ka ga sun taru a lokaci guda, kuma kalmar da ke gabansu iri ɗaya ce: gajiya, kaɗaici, ko gudun wani aiki mai wuya. Idan gurbin "me nake nema" ya zauna babu komai, wannan ma amsa ce, kallon sabo ne tsantsa.

Nasiru: Inda abin yake lalacewa shi ne idan yaron ya san za a karanta a yi masa faɗa. Zai cike ko'ina da "ilimi".

Kabiru: Wannan ita ce tsohuwar lagon ra'in, ya dogara da cewa mutum ya san dalilinsa kuma zai faɗa. Akwai ta biyu, zagaye: me ya sa yake kallo, saboda yana gamsuwa; ta ina ka sani, saboda yana kallo. Ba ka bayyana komai ba. Shi ya sa nake nacewa a rubuta abin da ake nema kafin a buɗe, ba bayan an rufe ba. Kuma shi ya sa iyakar lokaci kaɗai ba ta isa. A watan Maris na 2023 TikTok ta sanar da iyakar minti 60 a rana ga 'yan ƙasa da shekara 18, amma matashi yana iya saka lambar sirri ya ci gaba. Idan kaɗaici ne ya kawo shi, minti na 61 kaɗaicin yana nan inda ya bar shi. Wanda takardarsa ta nuna hulɗa yake nema, kiran aboki na minti goma zai fi biya masa. Wanda ta nuna gudun aiki ne, aikin za a gutsuttsura masa ƙanana.

Hadiza: Malam, ana yi mana alama lokaci ya tafi, kuma ba mu taɓa gida na uku ba, sanin kai, masu ɗora bidiyon da kansu suna ƙirga masu kallo.

Kabiru: Ai wannan nasu lissafin daban ne, domin mai ɗorawa yana neman...

Nasiru: Malam, minti biyar kawai za ka ce.

Kabiru: Ko uku ma sun...

Hadiza: Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wanda ya gwada takardar kwana bakwai ya turo mana abin da ya gani, ba sai ya sa suna ba. Mu kwana lafiya.