Laccar Neman Aiki: Gari da Fannin Aiki a LinkedIn ga Mai Shirin Ƙaura

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na yi niyyar mu taɓa a kan wanda zai bar garinsu ya koma wani gari neman aiki, kuma yana son masu ɗaukar ma'aikata na can su gan shi a LinkedIn. Bari mu fara da gari.

Ku fara sanin yadda mai ɗaukar ma'aikata yake nema. Ba ya zama yana karanta shafukan mutane ɗaya bayan ɗaya. Manyan kamfanoni suna biyan kuɗi su yi amfani da wani sashe mai suna LinkedIn Recruiter, a ciki akwai rariya iri-iri. Zai rubuta sunan aikin da yake so a cike, sannan ya je gurbin Locations ya zaɓi gari. Da ya zaɓi Abuja, duk wanda shafinsa ya ce Kano rariya ta riƙe shi, bai faɗo ba. Ba a ma ga fuskarka ba balle a ce ba ka cancanta ba. Wannan shi ne abin da yake damuna ƙwarai, domin mutum yana zaune yana zargin takardunsa ko sa'arsa, alhali layi ɗaya ne a shafinsa ya ɓoye shi.

Mu ɗauki misali. A ce akwai akanta, yana aiki a wata masana'antar roba a Sharada, nan Kano, iyalinsa za su koma Abuja bayan wata biyu, yana son aiki a ƙungiyoyin agaji. Zai buɗe shafinsa, ya danna alamar fensir da ke kusa da sunansa, ya gangara ƙasa. Zai ga Country/Region, ya bar shi a Nigeria. Ƙarƙashinsa akwai City. Nan zai fara rubuta Abuja, sai zaɓi ya fito, ya danna wanda ya ce Abuja, Federal Capital Territory, Nigeria. Ku lura, dannawa ake yi daga cikin zaɓin da ya fito. Sai ya adana. Aikin minti ɗaya ne.

Yanzu kowa ya ɗauko wayarsa ya duba ƙasan sunansa. Wa ya ga Nigeria kawai, babu gari? Ku ɗaga hannu, ba kunya a ciki. Kun gani, har da Malam na gaba da yake ta gyaɗa kai tun ɗazu! Wanda ya bar gurbin gari fayau, in an nemi mutanen Abuja da wuya ya fito, in an nemi na Legas ma haka. Yana ganin ya buɗe wa kansa ƙofar ƙasa baki ɗaya, amma masu nema gari suke zaɓa. Zan maimaita: gari suke zaɓa.

Wani kuskuren kuma, mutum ya je wajen Experience, ya gyara garin da ke jikin aikinsa na yanzu, ya ɗauka shi ke nan. A'a. Wancan yana faɗin inda masana'antar take ne, kuma akantanmu ya bar shi a Kano, tunda a Kano yake aikin. Na saman, na ƙasan suna, shi ne garin da shafin yake ɗauka a matsayin mazauninka.

To yaushe ya kamata a canza? Nan nake so ku ba ni hankalinku. In ƙaurar ta tabbata, an kama gida ko an sa rana, ka canza tun kafin ka tashi, domin daga kira zuwa ganawa zuwa takardar kama aiki makonni ake ɗauka. Amma ka faɗi gaskiya a fili. A layukan farko na About, wato sashen da kake bayanin kanka, ka rubuta cewa kana Kano yanzu, za ka koma Abuja a wata kaza. Dalili kuwa, wanda ya ga Abuja a shafinka zai iya bugo waya da yamma ya ce ka zo Wuse gobe ƙarfe tara na safe. In ba ka faɗa ba tun farko, me za ka ce masa? Daga nan ya fara kokwanton sauran abin da ka rubuta.

In kuwa ƙaurar ba ta tabbata ba, sai ka samu aiki za ka tashi, kada ka taɓa garin. Akwai wani sashe a shafinka mai suna Open to work, na nuna kana neman aiki. A ciki za ka sa sunayen ayyukan da kake so, da garuruwan da ka yarda ka yi aiki, sai ka sa Abuja, ka ƙara Kaduna in kana so. Mai nema yana da damar ya ce a nuna masa har da waɗanda suka yarda su ƙaura zuwa garinsa. Sai dai ba kowa ke faɗaɗa binciken haka ba, wasu mazauna gari kaɗai suke so don gudun maganar kuɗin tashi. Kuma wajen zaɓin masu gani, in mai gidanka bai san kana nema ba, ka zaɓi Recruiters only. In ka zaɓi All LinkedIn members, koren zobe zai fito a jikin hotonka, kowa ya gani. Ko na farkon ma, LinkedIn da kansa ya ce yana ƙoƙarin ɓoye shi daga masu ɗaukar ma'aikata na kamfaninka, amma bai ba da cikakken tabbaci ba.

Na biyu ke nan ko na uku? To, ko ma na nawa ne, lokaci ya ja, mu yi fannin aiki da sauri. Yana nan a wajen fensir ɗin, sunansa Industry. Akanta aikinsa ɗaya ne a ko'ina, amma fanni ya bambanta. Mutuminmu zai iya sa Accounting in kamfanin binciken kuɗi yake so, ko Banking in banki ne. Tunda ƙungiyoyin agaji ya nufa, Non-profit Organizations ya fi dacewa da shi. Ɗaya tak ake zaɓa, don haka ka duba inda ka dosa, matuƙar kana da abin da za ka kare kanka da shi in an tambaye ka. Ka sani kuma, kamfanin da ke jikin aikinka na yanzu shi ma yana da nasa fannin, ba za ka iya goge wannan ba. Shi ya sa a Headline, wato gajeren bayanin da ke bin sunanka, za ka ambaci aikin da fannin da kalmomin da tallan aikin Abuja suke amfani da su.

Na'am, Hajiya, a miƙa mata abin magana.

Ta ce ɗanta a Mararaba zai zauna, wane gari zai sa? Allah ya saka da alheri, wannan tambaya ta fi abin da na tanada na ƙarshe. Mararaba tana jihar Nasarawa ne, ƙaramar hukumar Karu, kamar yadda Suleja da Madalla suke jihar Neja, amma jama'a da yawa daga can kullum suke shiga Abuja aiki. In ya sa Nasarawa, mai neman mutanen Abuja zai iya tsallake shi, ko ya zaci Lafiya yake. Ya sa Abuja, Hajiya. Ba ƙarya ya yi ba, nan ne zai riƙa zuwa aiki kowace safiya, kuma in an tambaye shi unguwa ya ce Mararaba. Haka wanda ke Sango Ota a jihar Ogun yana neman aiki a Ikeja, Legas zai sa. Bayan ya canza, ya ba shi 'yan makonni, ya riƙa duba Search appearances a shafinsa. Nan zai ga sau nawa ya fito a bincike da irin wuraren da masu binciken suke aiki. In har yanzu kamfanonin tsohon garinsa ne suka fi yawa, ya koma ya duba ko garin ya zauna daidai. Ga hannu can a baya, amma an kira sallah, sai mun dawo.