Ranar da gara ta ƙare

(Laccar da wata malama ta gabatar a walimar ɗalibanta amare a wata Islamiyyar matan aure da ke Kano. An rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayena da yayyena da ƙannena, sannunku da zama. An ce mini angwaye suna waje a kan tabarma, suna ji ta lasifika. Alhamdu lillahi, don rabin maganar nan tasu ce.

An ce in yi magana a kan shekarar farko ta aure. Fagen yana da faɗi, ni kuwa abu ɗaya zan ɗauka, wato cefane. Na daɗe ina zama a sulhun ma'aurata, kuma sababbin auren da ake kawo mana, in ka bi saiwar rigimar, sau da yawa a bakin murhu za ka same ta. Za a zo da maganar raini, ko "ba ta gaishe da Hajiya ba", ko "ba ya dawowa da wuri". Ka yi haƙuri ka ci gaba da tambaya, sai ka iske tukunya ce.

Kun san yadda muke yi. An kai amarya, an yi buɗar kai, iyayenta sun kawo gara: buhun shinkafa, jarkar mai, katan ɗin taliya, ga alkaki da nakiya da dubulan. Wata biyu, wani gidan uku, ango ba ya sayen komai sai kayan miya da ɗan nama. A wannan lokacin kowa mutumin kirki ne. Shi yana ganin ya dace da mai tattali, ita tana ganin ta dace da mai sakin hannu, alhali babu wanda aka gwada a cikinsu. Sai ranar da ta sa gwangwani a buhu ta ji ya taɓo ƙasa. Daga ranar ne za su fara sanin juna.

Bari in ba ku labarin wasu yara da aka kawo mini, ba zan faɗi suna ko unguwa ba. Watansu biyar da aure. Yarinyar ta zo da mahaifiyarta, ido ya kumbura, wai ta gaji. Yaron ma'aikaci ne, mai albashi, ba ya shaye-shaye, ba ya duka. Ƙarar da ya kawo ita ce ta canja: miya ta zama ruwa, fuska a ɗaure, in ya shigo da abokai sai ta shige ɗaka. Ƙarar da ta kawo ita ce shi marowaci ne.

Na ce masa, ɗana, nawa kake bayarwa? Ya ce naira 3,000 kullum, yana ajiyewa a kan firji kafin ya fita. Na ce a ina ka samo wannan lissafin? Ya yi shiru, can ya ce ai abin da yake kashewa ke nan a wurin mai abinci lokacin yana saurayi, kuma ya ji ana cewa girkin gida ya fi araha. Kun ji fa. Bai taɓa sayen gas ba, bai san kwana nawa kwalbar mai take yi ba. A gidansu mahaifinsa ne ke sayo hatsi buhu-buhu da kaka, a jibge a sito, shi dai ya tashi ya ga tuwo a kwano.

Na juya wurinta na ce, 'yata, mutum nawa kike dafa wa? Ta fara ƙirgawa da yatsu. Ita da shi, biyu. Ƙannensa biyu da ke makaranta kusa da su, kullum a nan suke cin rana. Abokansa da daddare, wani lokaci biyu, wani lokaci uku, ba sanarwa. Ranar Juma'a kuma a zuba a kula a kai wa Hajiya. Gwangwani uku na shinkafa ya ishi mutum biyu su ƙoshi. Ita kuwa takwas take aunawa, wata rana tara. Kuɗin mutum biyu, bakin mutum shida.

Na ce to cikon daga ina yake fitowa? A nan ta fashe da kuka. Kuɗin gudummawar biki da ƙawayenta suka tara mata ta fara cinyewa. Da suka ƙare ta sayar da turmin atamfa biyu daga lefenta, ta hannun dillaliya. Daga nan ta koma aiken almajiri gidansu da leda, a ɗebo mata kuka da daddawa da garin tuwo. Yaron nan yana zaune, wallahi bai san ko ɗaya ba. Na ga hannunsa yana rawa. Ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Ta ce, "Umma ta ce mace ta gari ba ta roƙon miji."

Iyaye mata, a nan zan tsaya da ku kaɗan, don mu ne muke yin wannan huɗubar daren kai amarya. Yi na yi, bari na bari, ki rufa wa mijinki asiri. Magana ce mai kyau, amma muna barin ta rabi. Faɗa wa miji cewa mai ya ƙare ba roƙo ba ne. Ciyarwa haƙƙinta ne da Allah Ya ɗora masa. A Suratul Baƙara, aya ta 233, an ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uban ɗa gwargwadon abin da aka sani. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, an ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Hindu 'yar Utba ta je gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta ce Abu Sufyan mutum ne mai riƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta. Bai ce mata ta tona asirin miji ba. Cewa ya yi ta ɗebi abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon abin da aka sani. Kayan lefenta da abin da aka ba ta kuwa dukiyarta ce. In ta sa a tukunya da son ranta, sadaka ta yi. In kunya ce ta tilasta ta, to wannan shirun yana taruwa ne a ƙirji, kuma wata rana a kan ƙaramin abu zai fashe.

Ke ma amarya, ayar nan ta biyu ta shafe ki. Abin da Allah Ya ba shi aka ce, ba abin da kika saba gani a gidan babanki ba. Babanki ya yi shekara talatin yana gini, wannan jiya ya fara. In a gidanku kullum da nama, nan kuma sai sau biyu a mako, ba wulaƙanci ba ne.

Abin da muka yi wa yaran nan ba wani abin mamaki ba ne. Na ce su sayi littafi na 'yan makaranta. Kwana bakwai ta rubuta duk abin da ya shiga tukunya da kuɗinsa, har gishiri da ashana, a gefe kuma ta sa adadin waɗanda suka ci. Na ce masa ranar Asabar shi zai je kasuwa da kansa, da takardar a hannu. Ya je Yankaba ya sayo kayan miya, ya dawo jikinsa a sanyaye. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban mai tumatir ba, duk bayanin da za ki yi masa gani zai yi kamar ƙari kike yi.

Bayan mako suka dawo da littafin, muka raba cefanen gida biyu. Akwai kayan wata: shinkafa, garin tuwo, wake, mai, gas, sabulu da omo. Waɗannan shi zai saya a dunƙule ranar da albashi ya shigo, kafin kuɗin ya bi iska, don sayen gwangwani-gwangwani a kantin unguwa shi ke cinye su. Akwai kuma na yau da kullum: kayan miya, nama ko kifi, burodin safe. Wannan na ce ya riƙa ba ta na mako guda a hannu, ya daina ajiyewa a kan firji kamar mai biyan haraji. In ta yi tattali ta rage wani abu, nata ne, kada ya ce ina canji. Wanda ba albashi yake ɗauka ba, ɗan kasuwa ko mai Adaidaita, ba zai iya sayen na wata ba, na sani. Shi sai ya riƙa cire wani abu kullum a gefe don hatsi da mai, dabam da kuɗin miya.

Maganar baƙi ta fi wuya, don a nan ɗabi'ar gida biyu ta yi karo. Shi ya tashi a gidan yawa, inda ba a tambayar wa zai ci, duk wanda ya shigo a miƙo masa kwano. A wurinsa hana ƙani abinci abin kunya ne, kuma ni ban ga laifinsa ba. Ita ta tashi su huɗu a gida, ana auna abinci daidai baki. Ban ce ya kori ƙannensa ba, Allah Ya kiyaye. Na ce tunda kullum suke zuwa, a sa su a lissafi, a daina kiransu baƙi. Abokai kuwa, ya kira ta a waya kafin la'asar ya ce yau mu huɗu ne. In bai kira ba, ya biya wurin mai tsire ya yo musu leda. Kular Hajiya ta Juma'a ita ma aka ware mata kuɗinta, kuma yarinyar da kanta ta ce tana so ta ci gaba da yi.

Angwaye da ke waje, saura abu ɗaya, kuma ina roƙonku. Kalmar nan ta "ba haka Hajiya take yi ba", ku cire ta daga bakinku. Hajiya ta yi shekara arba'in tana tuƙa tuwo. Wannan yarinyar wataƙila a gidansu shayi da burodi ake karyawa da shi, kai kuma ka saba da ɗumame da koko. Ba ta san kana son miyar kuka da yaji sosai ba sai ka faɗa. Abu Huraira ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa kushe abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. In gishiri ya yi yawa, kada ka faɗa a gaban ƙannenka, kada kuma ka faɗa da cokali a hannu. Bari sai an kwashe kwanuka, kuna hira, ka ce gobe a ɗan rage. Kuma ka riƙa duba alamu. In ka ga miya tana tsinkewa, nama yana raguwa a kwanonta amma naka bai ragu ba, almajiri yana yawan zuwa gidansu da leda, ko ta daina zubin adashi, to kada ka jira ta yi magana. Kai ka buɗe sito ka duba, ka tambaya.

Yaran nan da na ba ku labarinsu, ya fanso mata atamfa ɗaya a wurin dillaliyar, ɗayar an riga an sayar, sai ya sayo mata wata da albashi ya shigo. Littafin ma sun daina rubutawa bayan wata biyu, don kowa ya riga ya san lissafin a ka.

Na ji an fara kiran la'asar. Takardun tambayoyin da aka miƙo, a ajiye mini su, in mun idar sai mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.