Kafin a saka maka Windows na sata, duba wannan

Ka sayo ordinatar ta hannu a Babbar Kasuwar Yamai, ka kai wa mai gyara ya saka maka Windows. Ya zaro kile daga aljihu ya soka, ya kashe Defender, ya danna wani abu mai suna KMSPico, mai sa Windows ya ɗauka yana da lasisi. Tsaya a nan. Defender shi ne mai gadin injin, kuma an sallame shi ne don wani shiri da ba ka san wanda ya haɗa ba ya shiga da cikakken iko.

Barnar ba ta nuna kanta. Injin zai yi ta aiki lafiya lau, alhali wasu kwafin KMSPico suna ɗauke da ɓarawon da ke kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a Chrome. Mai gyaran ma sau da yawa bai sani ba, shi ma wani ya kwafa masa.

Ga gwaji. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta:

```
slmgr /xpr
```

In ya nuna ranar da lasisi zai ƙare, to galibi na KMS ne, wanda ake sabuntawa cikin kwana 180. Kamfanoni aka yi wa wannan tsari. A injin mutum ɗaya, alamar fashi ce. Rashin ganin ranar dai ba ya wanke injin.

Abin takaicin, watakila kana da lasisi tun farko. Daga zamanin Windows 8, masu ƙera injuna irin su HP da Dell suna dasa lambar lasisin cikin allon injin. Buɗe PowerShell, shirin rubuta umarni da ke cikin Windows, ka rubuta:

```
(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey
```

In haruffa da lambobi 25 suka fito, naka ne halak malak. Kwashe takardunka da hotunanka tukuna. Nemi kile mai jiga 8, ka sauko da Media Creation Tool daga shafin Microsoft kyauta, ya ɗora maka Windows a kan kilen, ka goge komai ka saka sabo. In lasisin Home ne, Home za ka saka, Pro ba zai karɓa ba. In kuma lambar ta Windows 8 ce, Windows 10 da 11 sun daina karɓarta tun 2023. Saukowar tana cin jiga da yawa, gara ka yi ta inda intanet ke da ƙarfi. Kalmomin sirrinka kuwa, canza su daga wayarka tun yau.

In babu abin da ya fito fa? Ko injin ya tsufa, Windows 11 ya ƙi shi, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025? Gwada Linux Mint Xfce, wani tsari da ke maye gurbin Windows. Ko dala ba ka biya, jiga 2 na RAM ya ishe shi ya tashi, kuma LibreOffice na ciki yana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin shafi kan ɗan goce. Kunna shi daga kile ka ga ko wifi da firinta suna aiki kafin ka taɓa faifan injin.