Linta: inci nawa ya kamata ta hau kan bulo?

Assalamu alaikum. Ku dubi kusurwar wannan tagar da kyau. Gida ne a Tudun Wada, nan cikin Gusau, ko fenti ba a kai ga yi masa ba, amma ga tsaga ta taso daga kusurwar sama ta yi kwana ta nufi rufi. Mai gidan ya ce sau biyu ana liƙe ta da filasta tana sake buɗewa. Da muka sa guduma muka ɓantare filastar, sai ga abin da ke ƙasa: lintar ta hau bulo da inci 2 kacal, faɗin 'yan yatsu uku. Bakin bulon da ta zauna a kai ya marmashe, kana taɓawa yana zuba kamar garin rogo.

Wannan abin yana ci mini rai, don kankaren lafiyarsa ƙalau, rodi ma an sa. Wurin zama kawai aka hana ta.

Linta dai aikinta ɗaya ne. Ta ɗauki nauyin bulon da ke saman ƙofa ko taga, ta sauke shi a kan bangon dama da na hagu. Duk nauyin nan ta bakunanta biyu yake sauka. In bakin ya hau bulo da tsawo, nauyin ya bazu. In ya hau kaɗan, nauyin ya taru a ɗan siririn gefen bulo, alhali bulonmu mai rami ne, kuma kun san yadda ake tsuke siminti a wasu wuraren buga bulo.

Mafi ƙarancin hawa shi ne inci 6 a kowane gefe, wato milimita 150. Wannan na ƙaramar taga ne ko ƙofar ɗaki mai ƙafa 3. Ni kuwa a kan bulo mai rami inci 9 nake cewa a ba ta, rabin bulo ke nan, tunda tsawon bulo inci 18 ne. Sannan a cika ramin bulon da za ta zauna a kai da kankare. A nan ake yawan yin sakaci. Za ka ga an cusa takardar buhun siminti a ramin don kada kankare ya zurara ciki. To, in za a toshe, a toshe daga layi ɗaya ko biyu a ƙasa, a bar na saman nan ya cika ya zama dunƙule.

Mu yi lissafi da tagar nan mai ƙafa 4, a bangon inci 9. Ƙafa 4, a ƙara inci 9 dama, inci 9 hagu, tsawon linta ya zama ƙafa 5 da inci 6. Kaurinta daga sama zuwa ƙasa inci 9, daidai da layin bulo ɗaya. Rodi mai milimita 12 guda huɗu, biyu a ƙasa biyu a sama, a ɗaure su da zobba na rodi mai milimita 8, tazarar inci 8 tsakanin zobe da zobe. A yanka rodin ƙafa 5 da inci 4, don kankare ya rufe shi da inci ɗaya ta kowane baki. Ku lura, rodin dole ya ratsa har kan bulon. In aka yanka shi daidai faɗin taga, bakunan suka zama zallan kankare, to hawan da aka ba ta na ganin ido ne kawai. Kwaɓi kuwa kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi mai kaifi, huɗu na tsakuwa. Duka lintar nan rabin buhu da ɗan ɗoriya take ci. Bambancin hawan inci 2 da na inci 9 kuwa, simintinsa wajen kilo 6 ne. A kan kilo 6 mai gidan nan yake biyan kuɗin gyara karo na uku.

Yanzu tambayar da aka fi yi mini: a zuba ta a kan ginin, ko a zuba a ƙasa ta bushe a ɗora?

Wadda ake zubawa a kan gini ita muka fi sabawa da ita. Kafinta ya buga katako, a tokare daga ƙasa, a sa rodi, a zuba. Kyawunta shi ne kankaren yana bin saman bulon ya kama shi, ba gibi. Kuma za a iya zarcewa da ita ta zagaye ginin duka ta ɗaure bangaye wuri ɗaya, abin da nake ba da shawara matuƙa in filin laka ne mai dararewa da rani. Matsalarta gaggawa. Katakon gefe ana iya cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu, amma na ƙasa da sandunan tokara su kai aƙalla kwana 7, in faɗin ya yi yawa su kai 14. Kafinta zai zo ya ce, "Alhaji, katakon nan ina da aiki da shi gobe." Ka ba shi haƙuri, ko ka biya shi kuɗin katakon. A sa ɗan dunƙulen siminti a ƙarƙashin rodi ya ɗaga shi inci ɗaya daga katako, in ba haka ba rodin zai fito fili ya yi tsatsa. A caccaka kankaren da sanda ya shiga tsakanin zobba. Sannan ban ruwa safe da yamma har kwana 7. A zafin watan Afrilu na Gusau, ko iskar hunturu, kankaren da ba a jiƙa ba bushewa yake yi kafin ya yi ƙarfi. A lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu.

Wadda ake zubawa a ƙasa kuma tana da nata amfanin. Akwatin katako ɗaya zai fitar da goma, ban ruwa ba wahala, magini ya ɗora ya ci gaba da jera bulo ba jira. Amma ku auna nauyi. Lintar da muka lissafa ɗazu kilo 200 ce, buhun siminti huɗu, kuma sai an ɗaga ta sama da ƙafa 6. Shi ya sa ni nake barin ta ga ƙananan tagogi, na bayi da na sito, da ƙofofin bangon inci 6. Babban haɗarinta kifawa. Wasu rodi biyu kawai ake sa musu a ƙasa, tunda ƙasan linta ne ke miƙewa in nauyi ya danne ta. In lebura ya juya ta, rodin ya koma sama, za ta iya karyewa tun ana ɗagawa. Don haka tun kankaren yana ɗanye a sa ƙusa a rubuta SAMA a kanta. A bar ta ta kai sati biyu kafin a ɗaga, a kama ta daga bakuna biyu, kuma a shimfiɗa mata kwaɓin siminti ta zauna a kai. Kada a ɗora ta a busasshen bulo ana cusa tsakuwa don ta daidaita.

Tsagar ma tana faɗin inda laifin yake. Wadda ta taso daga kusurwa, bakin bulo ya marmashe, wurin zama ne. Wadda ta tsaya a tsaye a tsakiyar linta, ta faro daga ƙasa, rodi ne ya gaza ko an cire tokara da wuri. In kuma tsagar ta sauka ƙasan taga har fandisho, to ba linta ba ce, ƙasa ce ke motsi.

Duk ma'aunin nan na gidan da ba bene ba ne, inda bulo da kwano kawai ke sama. In bene za a ɗora, ko ƙofar shago ce ko ta gareji da ta wuce ƙafa 6, injiniya zai lissafa rodi da kaurin.

Tagar nan ta Tudun Wada, mun tokare bulon da ke samanta, mun fasa tsohuwar lintar, mun cika ramukan bulo biyu a kowane gefe, gobe da safe za a zuba sabuwa mai ƙafa 5 da inci 6.