Ƙwayar Bakteriya Guda a Ƙarƙashin Madubai Uku

A ce a gabanmu akwai ɗigon ruwa da aka ɗebo daga kwalbar da aka raini bakteriyar E. coli, kuma a cikinsa akwai miliyoyin ƙwayoyi, ko da yake ido ba ya ganin komai face ɗan gurɓacewar ruwan. Tsawon kowace ƙwaya kimanin maikuromita 2 ne, faɗinta kuma bai kai maikuromita 1 sosai ba. Maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, nanomita kuma kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita. Tambayar da za mu bi da ita ta cikin madubai uku ita ce: shin wannan ƙwaya tana iyo, kuma idan tana yi, da me take yi?

Mu fara da maikuroskof na haske, wanda aka fi sani a ɗakunan gwaje-gwaje. Idan aka sa ɗigon a kan gilashi yadda yake, da kyar za a ga wani abu, domin jikin bakteriya yawancinsa ruwa ne, haske yana ratsa shi ya wuce. Shi ya sa ake shafa ɗigon a kan gilashi, a bar shi ya bushe, a gifta shi ta kan harshen wuta don ya manne, sannan a rina shi. Rinin da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884 har yanzu shi ne kan gaba, kuma da shi E. coli take fitowa a matsayin 'yan gajerun sanduna masu launin ja-ja. Mun ga siffarta, amma mun riga mun kashe ta, saboda haka batun iyo bai ma taso ba.

Yanzu ku dubi rubutun da ke jikin lensar da ke kusa da gilashin: 100x/1.25. Lamba ta farko ita ce ƙara girma. Idan aka haɗa ta da lensar ido mai ninki 10, hoton ya zama ninki 1000, ƙwayar mai maikuromita 2 ta bayyana kamar mai tsawon milimita 2. Yawancin masu koyo a kan wannan lamba suke tsayawa, alhali ta biyun ce take yanke hukunci. Ana kiranta NA, kuma tana nuna faɗin kusurwar hasken da lensar ke iya tattarowa daga abin da ake dubawa. Ernst Abbe, wanda ya yi aiki tare da Carl Zeiss, mai ƙera maikuroskof, a birnin Jena na Jamus, ya nuna a 1873 cewa akwai tazara mafi ƙanƙanta da dole ta kasance tsakanin ɗigo biyu kafin a gan su a rarrabe, kuma ga lissafinta:

```
d = λ / (2 × NA)
```

A nan d ita ce tazarar, λ kuma tsawon zangon igiyar haske ne. Ido yana ganin haske daga kimanin nanomita 400 zuwa 700, don haka mu ɗauki kore, mai nanomita 550. Idan muka raba 550 da 2.5, wato NA sau biyu, za mu sami nanomita 220. Duk abubuwa biyu da suka fi haka kusanci da juna za su narke su zama tabo guda. Ma'anar wannan ga ƙwayarmu ita ce, a tsawonta gaba ɗaya wurare tara kacal za a iya rarrabewa, a faɗinta kuma kimanin huɗu. Wannan ya isa a bambanta sanda da ƙwallo, amma bai isa a ga tsarin cikinta ba.

A nan ne dalilin tsayawa a ninki 1000 yake fitowa fili. Ido mai lafiya yana rarrabe abubuwan da ke da tazarar kimanin milimita 0.1 zuwa 0.2, kuma nanomita 220 sau 1000 ya ba da milimita 0.22, wato duk abin da lensar ta iya kamowa an riga an ɗaga shi zuwa inda ido zai gani. Wanda ya canza lensar ido zuwa mai ninki 20 zai sami ninki 2000, ƙwayar za ta yi girma, gefenta zai yi dishi-dishi, amma ba wani sabon abu da zai bayyana. Masana suna kiran wannan ƙara girma na banza, kuma ƙa'idarsu ita ce kada jimillar ninki ta wuce NA sau 1000.

Wannan lensa kuma ba ta kaiwa 1.25 sai da mai. Hasken da ya fito daga gilashi zuwa iska yana karkacewa, wanda ya zo a gicciye sosai ma ba ya fita, yana komawa ciki ne, shi ya sa lensar da ke aiki a iska ba ta wuce NA na 0.95 a aikace. Man da ake ɗigawa tsakanin gilashi da lensa yana karya haske daidai da gilashi, don haka hasken yana wucewa kai tsaye. Idan aka manta da man, hoton zai yi hazo, kuma duk yadda aka murɗa maɓallin saiti ba zai fito tar ba.

Madubi na biyu shi ne fes-kwantaras, wanda Frits Zernike na jami'ar Groningen ya ƙirƙiro a shekarun 1930, ya kuma sami kyautar Nobel a kansa a 1953. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a cikin ukun, domin ba ta taɓa ƙwayar ko kaɗan. Haske yana ɗan rage gudu idan ya ratsa jikin bakteriya, saboda jikin ya fi ruwan da ke kewaye da shi kauri. Ido ba ya ganin jinkiri, yana ganin duhu da haske ne kawai, saboda haka aikin na'urar shi ne mayar da jinkirin ya zama duhu. Ana sa zobe a ƙarƙashin gilashin don haske ya shigo a siffar da'ira, sannan a cikin lensar akwai wani zoben da ya dace da shi. Hasken da ya wuce kai tsaye yana bi ta kan wannan zobe na biyu, wanda ƙwayar ta watsa kuma yana bi ta gefensa. Wanda aka watsa ɗin yana zuwa a makare da kimanin rubu'in zango, zoben kuma yana ƙara wani rubu'in a tsakaninsu, tare da rage ƙarfin hasken kai tsaye don su yi kusan kunnen doki. Idan suka sake haɗuwa da bambancin rabin zango, tudun ɗaya yana faɗawa cikin kwarin ɗayan, sai su rage juna, ƙwayar ta fito baƙa a kan fili mai launin toka.

Yanzu ku kalli ɗigon nan, ba rini, ba wuta. Ƙwayoyin suna tafiya miƙe na kimanin daƙiƙa guda, su tsaya su wuntsula, su kama wata hanyar. Wannan iyo ne na gaskiya, kuma dole a bambanta shi da abubuwa biyu: karkarwar da ko matacciyar ƙwaya take yi a wuri guda saboda ƙwayoyin ruwa suna bugun ta, da kuma kwararar da ke ɗaukar kowa zuwa gefe guda idan ruwan yana gudu a ƙarƙashin murfin gilashi. Idan kuwa hoton ya yi fari-fat babu bambanci, yawanci zobban biyu ne ba su hau kan juna ba, ko kuma an haɗa lensa mai alamar Ph3 da zoben Ph1.

Sai dai fes-kwantaras bai matsar da iyakar Abbe ko da nanomita guda ba, domin da haske iri ɗaya yake aiki. Yana kuma sa farin rawani kewaye da kowace ƙwaya, wanda ke ɓoye ainihin gefenta, don haka ba a dogara da shi wajen auna faɗi daidai. Mun tabbatar tana iyo, amma abin da ke tura ta bai bayyana ba. Bulalar iyo ce, wadda ake kira falajela, kuma kaurinta nanomita 20 ne kawai, kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na iyakar da muka lissafa. Akwai rini na musamman da ke taruwa a kanta ya ƙara mata kauri har a hango ta da haske, amma abin da ake gani a lokacin tulin rini ne a siffar bulalar.

Lissafin Abbe da kansa ya nuna mafita: a rage λ. Ernst Ruska da Max Knoll sun gina maikuroskof na elektiron na farko a Berlin a 1931, inda elektiron suka maye gurbin haske, maganaɗisu kuma ya maye gurbin gilashi. Elektiron da aka tura da ƙarfin bolt 100,000 suna da zango na kimanin nanomita 0.004. Lensar maganaɗisu tana da nakasu mai yawa, don haka na'urar da aka saba gani tana tsayawa ne wajen nanomita 0.2, kuma a kan jikin halitta abin da ake samu yawanci bai fi nanomita 2 kyau ba. Duk da haka wannan ya ninka na haske sau ɗari, shi ya sa ninki 50,000 ko 100,000 a nan yake da amfani. Idan aka ɗora ƙwayar a kan ɗan ragar tagulla aka zuba mata gishirin yuraniyam, gishirin zai bushe kewaye da ita, bulalun su fito farare dogaye, suna fitowa daga sassa daban-daban na jikinta. Akwai kuma nau'in da ke share saman ƙwaya da siririn zaren elektiron bayan an lulluɓe ta da zinariya, wanda ke nuna siffar waje kawai.

Farashin wannan gani yana da tsada ga ƙwayar. Cikin na'urar babu iska, don haka ba abin da zai rayu a can, kuma elektiron ba sa ratsa abu mai kauri. Don ganin ciki, ana daskarar da ƙwayar da sinadaran gulutaraldehaid da osmiyam, a cire mata ruwa da etanol, a binne ta cikin roba mai tauri, a yanka ta zuwa kaurin kimanin nanomita 70, sannan a rina yankan da yuraniyam da dalma. A nan ne ake ganin fatu biyu da suka kewaye E. coli, da ƙwayoyin raibosom, masu haɗa furotin, masu nanomita 20 cike da cikinta.

Kowane ɗaya daga waɗannan matakai yana iya sauya abin da ake son gani. Shekaru da yawa littattafan karatu suna zana wata naɗaɗɗiyar fata a cikin bakteriya mai suna mesosom, musamman a irin su Bacillus, har an danganta ta da rabuwar ƙwaya da numfashi. Da aka fara daskarar da ƙwayoyi cikin sanyi mai tsananin sauri, yadda ruwa ba ya samun damar zama ƙanƙara mai tsini, ba tare da an fara sa musu sinadaran daskararwa ba, sai aka nemi mesosom aka rasa. Zuwa shekarun 1980 ya tabbata cewa sinadaran daskararwa ne suke lalata fatar ƙwayar ta naɗe ciki. Hoton da aka ɗauka ya fito sarai, ninkinsa da tantancewarsa duk daidai ne, amma abin da ya nuna bai taɓa kasancewa a jikin rayayyar ƙwaya ba.